Wasiƙar Ɗaukaka Ƙara a Wurin Aiki: Yadda Ma'aikaci Ke Nuna Matakin da Aka Tsallake

Wasiƙar ɗaukaka ƙara takarda ce da ma'aikaci ke rubuta wa hukumar da ke sama da wadda ta hukunta shi, yana neman a sake duba hukuncin. Hukuncin yakan kasance gargaɗi, ko rage matsayi, ko dakatarwa, ko yi masa ritayar dole, ko kora baki ɗaya. Akwai hanyoyi biyu da mai ƙorafi zai iya bi. Zai iya cewa bai aikata laifin ba, ko kuma ya ce ba a bi ƙa'idar da aka shimfiɗa ba kafin a yanke masa hukunci. Hanya ta biyu ta fi ƙarfi a mafi yawan lokuta, domin musun laifi yana buƙatar a sake auna maganar wannan da ta wancan, amma tsallake ƙa'ida abu ne da fayil ke nunawa da kansa. Ko dai akwai takardar gayyata a cikin fayil, ko babu.

A Nijeriya, inda wannan wasiƙa ta fi yin tasiri shi ne aikin gwamnati, saboda matakan ladabtarwa a rubuce suke, kuma kotuna sun daɗe suna tilasta bin su.

Tushen ƙa'idar

Abubuwa biyu ne ke ɗaure hannun hukuma idan za ta hukunta ma'aikacinta. Na farko shi ne sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi cikin adalci kafin a yanke hukunci a kan haƙƙoƙinsa. Ƙa'idoji biyu ne a ƙarƙashin wannan haƙƙi: a ji ta bakin kowane ɓangare, kuma kada mutum ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki.

Na biyu shi ne Dokokin Aikin Gwamnati, littafin da ke tsara rayuwar ma'aikacin tarayya tun daga ɗauka har ritaya. Kotun Ƙoli ta bayyana matsayin waɗannan dokoki a shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya a shekarar 1981, inda ta nuna cewa suna da ƙarfin doka, kuma ma'aikacin gwamnati ba bara ba ne da za a sallama duk lokacin da aka ga dama. A 1985 ta ƙara jaddada haka a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, inda ta mayar da malaman da aka raba da aikinsu ba tare da bin hanyar da dokar jami'ar ta tsara ba. A 2005 ma, a shari'ar Iderima da Hukumar Kula da Ma'aikatan Jihar Ribas, ta soke korar wani ma'aikaci saboda hukumar ba ta bi matakan da dokokinta suka tanada ba. Abin da ya haɗa waɗannan hukunce-hukunce shi ne cewa idan doka ta tsara yadda za a raba mutum da aikinsa, to hukuncin da aka yanke ta wata hanya dabam ba shi da tushe.

Matakan da doka ta shimfiɗa

A bugun 2008 na Dokokin Aikin Gwamnati, babi na uku ne ke magana a kan ladabtarwa, kuma doka mai lamba 030307 ce ta jera matakan da ake bi idan laifin zai iya kai wa ga kora. An sake fitar da sabon bugu na 2021 wanda ya sauya lambobin dokoki, saboda haka mai rubuta wasiƙa yana bukatar ya buɗe bugun da ake aiki da shi a lokacin da aka hukunta shi, ya kwafo lambar daga can. Ma'aikatan jihohi, da na jami'o'i, da na hukumomin da aka kafa da dokarsu ta musamman, kowa da littafinsa, ko da yake tsarin yana kama da juna.

Matakin farko shi ne takardar tuhuma. Dole ta kasance a rubuce, ta faɗi laifin dalla-dalla, ta ambaci dokar da aka karya da kuma hukuncin da zai iya biyo baya, ta kuma ba ma'aikacin wa'adin da zai ba da amsa. A aikace wa'adin yakan kasance tsakanin sa'a 24 zuwa 72. Idan laifin babba ne da zai iya jawo kora, doka ta ce a ba shi damar ganin takardu da rahotannin da aka dogara da su wajen tuhumarsa.

Mataki na biyu shi ne duba amsarsa. Idan ta gamsar, magana ta mutu. Idan ba ta gamsar ba amma laifin bai kai na kora ba, sai a yanke masa hukunci mai sauƙi. Idan kuwa aka ga akwai buƙata, sai a kafa kwamitin bincike na mutanen da ba su gaza uku ba, kuma shugaban sashen da ma'aikacin yake aiki ba ya zama ɗan kwamitin. Ana sanar da ma'aikacin ranar da za a zauna, ya zo ya kare kansa, ya kuma kira shaidunsa. Idan kwamitin ya kira nasa shaidun, ma'aikacin yana da damar yi musu tambayoyi, kuma ba a amfani da wata takarda a kansa sai an riga an ba shi kwafinta ko an nuna masa ita.

Mataki na ƙarshe shi ne yanke hukunci, kuma a nan ana duba wanda yake da ikon yankewa. Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce ke da ikon ladabtarwa. Ta miƙa wa manyan sakatarori ikon hukunta ma'aikata daga matakin albashi na 13 zuwa ƙasa, amma ikon kora ta miƙa shi ne kawai a kan ma'aikatan mataki na 6 zuwa ƙasa. Dokar ta kuma ce a fara a kammala duk aikin ladabtarwa cikin kwana 60, sai dai idan akwai shari'ar aikata babban laifi a ciki.

Misalin da aka bi daki-daki

A ɗauki misalin wani jami'in sito a wata ma'aikatar tarayya, mai matakin albashi na 8. Masu binciken kuɗi na cikin gida sun ƙidaya kayan sito, suka rubuta rahoto cewa kwamfutoci shida sun ɓace. Ranar 3 ga Maris aka ba shi takardar tuhuma, aka ce ya amsa cikin sa'a 48. Ranar 4 ga Maris ya amsa cewa kwamfutocin sun fita ne bisa umarnin daraktan sashensa, ya kuma roƙi a ba shi kwafin rahoton masu binciken. Ba a ba shi ba. Ranar 18 ga Maris wani kwamiti na mutum huɗu ya zauna, daraktan nan yana cikinsu, ya saurari wani direba da wani mai gadi ba tare da an gayyaci jami'in ba. Ranar 20 ga Mayu aka rubuta masa takardar kora, wadda wani jami'in mulki ya sa wa hannu a madadin Babban Sakatare, babu inda ta ambaci amincewar Hukumar.

Abin da yawancin mutane kan fara rubutawa a irin wannan hali shi ne roƙo: shekarun da suka yi suna aiki, yawan iyalin da suke ciyarwa, da rantsuwa cewa ba su taɓa cin haram ba. Wasu kuma sukan huce fushinsu a kan daraktan, su zayyano duk abin da suka sani game da shi. Babu ɗayan biyun da ke tilasta wa mai karatu yin komai. Roƙo yana barin magana a hannun tausayi, zargi kuma yana buɗe sabuwar rigima da mai ƙorafi ba shi da takardar tabbatar da ita.

Abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya shimfiɗa takardunsa bisa jerin kwanan wata, ya ajiye littafin dokoki a gefe, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa ko an yi wannan, da kuma wace takarda ce ta nuna an yi. Idan ya yi haka zai ga cewa takardar tuhumar ba ta da aibi: a rubuce take, ta faɗi laifin, ta ba da wa'adi. Bai kamata ya taɓa ta ba. Amma zai tarar da giɓi huɗu. An hana shi rahoton da aka tuhume shi da shi. Shugaban sashensa ya zauna a kwamitin, alhali shi ne mutumin da amsar jami'in ta ambata. An saurari shaidu a bayan idonsa. Sannan wanda ya kore shi ba shi da ikon korar ma'aikacin mataki na 8.

Akwai giɓi na biyar, wato daga 3 ga Maris zuwa 20 ga Mayu kwana 78 ne, ya zarce kwana 60. Wannan hujja ce, amma ba ta kai sauran nauyi ba, domin jinkirin bai hana shi kare kansa ba. Wurinta ƙarshen jeri, cikin jimla ɗaya.

Ginin wasiƙar

A aikin tarayya da Turanci ake rubuta wasiƙar, tunda shi ne harshen ofis, amma gininta ɗaya ne a kowane harshe. Ana aika ta ne ga Shugaban Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, ta hannun Babban Sakataren ma'aikatar, domin doka ta ce ƙorafi ya bi ta hannun shugabannin mai ƙorafi. A sama akwai cikakken sunansa, da lambar fayil, da muƙami, da matakin albashi, da adireshin da za a same shi. Kanun wasiƙar yana ambaton hukuncin da lambar takardar da ta kawo shi da kwanan watanta. Ga yadda ma'anar jikin wasiƙar jami'in siton za ta kasance:

"Ranka ya daɗe, ina ɗaukaka ƙara a kan korar da aka yi mini ta takardar da aka rubuta ranar 20 ga Mayu, wadda na karɓa ranar 21 ga Mayu. Dalilina shi ne ba a bi matakan da Dokokin Aikin Gwamnati suka tanada ba kafin a yanke wannan hukunci.

Na ɗaya, takardar korar ta fito ne daga ma'aikata, alhali ina kan mataki na 8, kuma ikon korar ma'aikacin wannan mataki yana hannun Hukuma. Takardar ba ta nuna cewa Hukuma ta amince ba. Kwafinta shi ne liƙe na A.

Na biyu, daraktan sashena ya zauna a kwamitin da ya yi zama ranar 18 ga Maris. Doka ta hana shugaban sashen ma'aikaci zama a irin wannan kwamiti, kuma a amsata ta ranar 4 ga Maris na bayyana cewa bisa umarninsa kayan suka fita. Amsar ita ce liƙe na B.

Na uku, ba a sanar da ni ranar zaman ba, kuma an saurari shaidu biyu ba tare da an ba ni damar yi musu tambaya ba.

Na huɗu, na nemi kwafin rahoton masu binciken kuɗi a rubuce, ba a ba ni ba har yau, ga shi kuwa a kansa aka gina tuhumar. Da na gan shi, da na nuna takardar fitar da kaya da ta dace da kwamfutocin nan shida.

Har yanzu ina kan amsar da na bayar cewa ban aikata laifin ba. Saboda haka ina roƙon Hukuma ta soke korar, ta mayar da ni bakin aiki, ta biya ni albashina daga ranar da aka tsayar da shi. Idan ma'aikata na son ci gaba da tuhumar, ina roƙon a kafa sabon kwamiti da babu daraktan a ciki, a kuma ba ni rahoton kafin zama."

A ainihin wasiƙar, kowane dalili zai zo tare da lambar dokar da ta shafe shi. Tsarin kowane sakin layi iri ɗaya ne: abin da doka ta ce, abin da aka yi a zahiri da ranar da aka yi shi, sai takardar da ta tabbatar. An sa hujjar rashin iko a gaba domin ita kaɗai ta isa ta rushe hukuncin, kuma ba ta buƙatar shaida fiye da takardar korar kanta. A dalili na huɗu an ƙara jimlar da ke nuna illar da tsallakewar ta jawo, wato abin da jami'in zai iya nunawa da an ba shi rahoton. Wannan jimla ce ke raba ƙorafi mai nauyi da neman aibi kawai, domin tana nuna cewa da an bi ƙa'ida, da sakamakon ya iya bambanta.

Jimlar da ta ce har yanzu yana kan amsarsa tana da nata aikin. Wanda ya cika wasiƙarsa da maganar ƙa'ida bai musa laifin ba ko sau ɗaya, ana iya fassara shirunsa da amincewa. Jimla ɗaya ta wadatar, ba sai ya sake zuba labarin ba. Haka kuma, wanda ya rubuta cewa a yafe masa ba zai sake ba, ya riga ya amsa laifi da hannunsa, kuma wannan takarda za ta bi shi har gaban alƙali.

Ƙarshen wasiƙar dole ya faɗi abin da ake nema a fili. Dokokin da suka shafi ƙorafi sun buƙaci haka, kuma sun nuna cewa ba a sauraron takardar da ba ta da suna, ko wadda ba ta karantuwa, ko wadda aka rubuta da zagi. Shafi biyu sun isa mafi yawan irin waɗannan wasiƙu.

Lokaci da shaidar miƙawa

Wasiƙu masu kyau da yawa sun mutu saboda jinkiri. A ƙarƙashin Dokokin Aikin Gwamnati, ƙorafin da ya zo bayan wata shida da yanke hukunci ba a sauraronsa sai da ƙwaƙƙwaran dalilin jinkirin. Wasu hukumomi suna da wa'adin da ya fi wannan gajarta a littafinsu. Ban da wannan akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta ƙayyade wata uku don shigar da ƙara kotu a kan abin da jami'in gwamnati ya yi a bakin aikinsa. Kotuna sun yi hukunce-hukunce mabambanta a kan ko wannan doka ta shafi rigimar aiki, don haka lauyoyi sukan shawarci mutum ya lissafa wata ukun daga ranar da ya karɓi takardar hukunci, kada ya zauna jiran amsar da ba ta da ranar zuwa.

Hanyar miƙawa ma tana da muhimmanci, musamman tunda wasiƙar za ta ratsa ta hannun mutanen da ake ƙorafi a kansu. Ana buga kwafi aƙalla uku. A kai ofishin rajista, a tsaya har ma'aikacin rajista ya buga hatimi, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu a kan kwafin da mai ƙorafi zai tafi da shi gida. Al'ada ce kuma a aika wani kwafi kai tsaye zuwa Hukumar, a rubuta a kansa cewa na asalin yana tafe ta hannun ma'aikata. Idan ofis ya ƙi karɓa, sai a aika ta gidan waya da rajista ko ta kamfanin aika saƙo, a adana rasit. Ainihin takardu ba sa barin hannun mai su, kwafi kawai ake liƙawa. Sakataren ƙungiyar ma'aikata na reshe yakan taimaka wajen samo littafin dokoki da bibiyar fayil.

Wani tarko kuma shi ne karɓar kuɗin sallama. Wanda aka yi wa ritayar dole, ya karɓi haƙƙoƙinsa ba tare da ya nuna rashin amincewa a rubuce ba, ana iya kafa hujja da hakan cewa ya yarda da hukuncin.

Iyakar wannan hujja

Ba kowane giɓi ne tsallake ƙa'ida ba. Kafa kwamiti ba wajibi ba ne a kowace tuhuma, kuma kotuna sun sha yanke cewa amsa a rubuce tana iya wadatarwa a matsayin sauraro. Wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, ko aka ba shi takardar tuhuma ya ƙi amsawa, ba zai dawo ya ce an hana shi magana ba, domin dama doka ta ce a bayar, kuma an bayar. Haka nan dakatarwa ta wucin gadi don a yi bincike ba ita ce hukuncin ƙarshe ba, kuma ba a buƙatar cikakken zama kafin a yi ta.

A kamfanoni masu zaman kansu, tushen hujja shi ne takardar ɗaukar aiki, da littafin ƙa'idojin ma'aikata, da yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiya idan ta shiga cikin sharuɗɗan aiki. Ginin wasiƙar bai canza ba, amma sakamakon ya bambanta. Ma'aikacin gwamnati da aka soke korarsa yakan koma kujerarsa tare da albashin baya, shi kuwa ma'aikacin kamfani galibi diyyar kuɗi yake samu, domin ba a cika tilasta wa kamfani riƙe wanda ba ya so ba. Dukkan ɓangarorin biyu Kotun Ma'aikata ta Ƙasa suke zuwa, wadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba ikon sauraron rigingimun aiki, kuma tana da rassa a birane irin su Kano da Kaduna.

Soke hukunci saboda tsallake ƙa'ida ba wanke mutum ba ne daga laifi. Ma'aikata tana iya sake ba jami'in siton takardar tuhuma, ta ba shi rahoton, ta kafa kwamitin da ya dace, ta miƙa sakamakon ga Hukuma. Idan takardar fitar da kayan tana nan kamar yadda ya faɗa, wannan zama ne zai wanke shi. Idan babu ita, ana iya sake korarsa, kuma a wannan karo korar za ta tsaya.